Ana neman mai kula da sito: wa kuka sani, kuma yaya tukwicin yake?

Hajiya Rabi (Manajar Ayyuka):
Assalamu alaikum jama'a. Mai kula da babban sitonmu zai ajiye aiki ƙarshen watan gobe, kuma kafin mu fitar da talla waje na roƙi hukuma a ba ku mako 3 ku kawo wanda kuka sani. An amince.

Ga aikin yadda yake. Duk kayan da mota ta sauke, shi zai karɓa, ya ƙirga, ya gwada abin da aka sauke da takardar rakiyar kayan da kuma takardar odar da muka aika. In ukun ba su yi daidai ba, ba zai sa hannu ba sai ya rubuta giɓin a gaban direba. Shi zai fitar da kaya ga sassa, kayan da suka riga shiga su za su riga fita. Kowane mako akwai ƙidayar wani ɓangare na sito, ƙarshen wata kuma ƙidayar duka tare da akanta. Mutum 4 ne za su kasance ƙarƙashinsa. Muna son wanda ya yi aƙalla shekara 3 yana riƙe da sito da hannunsa, wanda ya iya Excel har ya iya gano inda lissafi ya karkace. Takardar makaranta tana da amfani, amma ba ita za mu fara dubawa ba. Namiji ko mace duk ɗaya ne.

Tukwici: wanda ya kawo mutumin da aka ɗauka zai samu kwatankwacin albashin wata ɗaya na wannan muƙamin. Kashi 40 cikin 100 bayan sabon ma'aikacin ya cika kwana 90, ragowar kashi 60 bayan ya cika wata 6 an tabbatar da shi. Dole ku biyun kuna nan bakin aiki ranar da kowane kashi ya nuna. Sunan da ya shigo ta fom ɗin sashen kula da ma'aikata shi kaɗai ake lissafawa. Ni, da masu zaman tantancewa, da ma'aikatan sashen kula da ma'aikata ba ma cikin tukwicin. Wanda ya riga ya nemi aiki wurinmu da kansa cikin wata 6 da suka wuce, ba a lissafa shi a matsayin wanda aka kawo.

Roƙona ɗaya. Ku kawo wanda kuka ga aikinsa da idonku. Kuma ku nemi yardarsa kafin ku ba da sunansa.

Sadiya:
Wa alaikumus salam ranki ya daɗe. Ni na yi shekara 2 ina taya su ƙidayar ƙarshen wata, kuma ina sha'awar kujerar. In na cika fom ɗin da sunana aka ɗauke ni, tukwicin nawa ne ke nan?

Malam Ɗanjuma (Sashen Kula da Ma'aikata):
Malama Sadiya, hanya biyu ce daban. Wannan fom na kawo mutumin waje ne. Ke da kike ciki, takardar neman canjin muƙami za ki rubuta ta hannun shugaban sashenki, kuma ina ba ki shawara ki rubuta, domin ana duba na ciki tare da na waje. Amma babu tukwici a kai, ko ke kika kawo kanki ko wani ya ambace ki. Kuɗin an ware shi ne a madadin abin da za mu kashe wajen talla ko biyan kamfanin nemo ma'aikata, ke kuwa mun riga mun san ki.

Sadiya:
Na gane. Zan shigo ofis gobe in sha Allah.

Kabiru:
Hajiya, ni dai na riga na watsa sanarwar a zaurukan da nake ciki, har mutum 17 sun turo mini takardunsu. Zan iya cika musu fom gaba ɗaya? Ai in da yawa, ɗaya zai dace.

Hajiya Rabi:
Kabiru, cikin 17 ɗin nan nawa ka taɓa aiki da su?

Kabiru:
Gaskiya mutum 2. Sauran abokan abokai ne.

Hajiya Rabi:
To waɗannan 2 ɗin su ne naka. Ka buɗe fom ɗin ka gani, akwai tambayoyi uku da ba za ka iya amsa su a kan baƙo ba: ina kuka yi aiki tare kuma tsawon wane lokaci, wane abu ka gani ya yi da ya sa kake ganin zai iya riƙe sito, da kuma ina rauninsa. Tambaya ta ukun nan da gangan na sa ta. Wanda ya rubuta mini "ba shi da wata matsala" na san bai zauna da mutumin ba. Wanda ya rubuta "ƙidayarsa ba ta kuskure amma yana jinkirin shigar da lissafi a kwamfuta, sai an bi shi" ya ba ni abin da ba zan samu a takardar tarihin aiki ba, kuma ya nuna mini inda zan matsa a wajen tantancewa. Abin da kamfani yake biya ke nan. Takardu kam in mun yi talla za su zo mana ɗaruruwa ba tare da mun biya kowa ba. Sauran 15 ɗin ka ce musu su jira talla, in har an kai ga yin ta. Kuma don Allah ka goge sanarwar daga waje, akwai maganar tukwici a ciki wadda ta cikin gida ce.

Nura:
Ranki ya daɗe, ina da magana kuma ina so a yi ta a fili. Ranar Litinin da ta wuce, tun kafin wannan sanarwa, na tare ki a bakin ofis na gaya miki akwai wani da muka yi shekara 4 tare a wurin aikina na da, shi ne ke riƙe da sito. Kika ce in turo shi. Yau na buɗe fom zan cika, sai ya nuna mini wai an riga an shigar da lambar wayarsa. Na kira shi, ya ce Maryam ta nemi takardarsa jiya da daddare. Ni na fara kawo maganarsa. Yanzu wa ke da shi?

Maryam:
Yaya Nura, wallahi ban san ka yi maganarsa ba. Mijin ƙawata ne, na san yana neman canjin wuri, na ga sanarwa na cika. Ban yi don in sha gabanka ba.

Malam Ɗanjuma:
Da farko, na gode da ba ku ambaci sunansa a nan ba. Kada kowa ya ambata. Mutumin yana aiki a wani wuri yanzu, in labari ya koma can cewa yana neman tafiya, mu muka jawo masa.

A ƙa'ida kuwa, fom ɗin Maryam ne ya fara shiga, kuma lokacin da na'ura ta rubuta shi muke bi. Na san wannan ba zai yi wa Nura daɗi ba, amma bari in faɗi dalilin. Maganar baki ba ta da sheda. Yau Hajiya ta tuna, kuma ita mai gaskiya ce. Gobe wani manaja zai ce bai tuna ba, ko ya tuna wa wanda yake so. Da zarar an ce "wanda ya fara faɗa" to kowane tukwici sai ya zama shari'a, mu kuma mu zama alƙalan abin da ba mu gani ba.

Sai dai akwai abin da ku biyun ba ku sani ba. Da na duba rajistarmu, mutumin ya turo takarda da kansa wata 4 da suka wuce, lokacin da muka nemi mataimakin jami'in saye. Bai kai matakin tantancewa ba. In aka bi sanarwar kalma da kalma, yana cikin wata 6, don haka babu mai tukwici a kansa, ba Nura ba, ba Maryam ba.

Nura:
Malam, wannan ai wani aiki ne daban. Jami'in saye daban, mai kula da sito daban. An ajiye takardarsa a lokacin ba wanda ya sake waiwayarta. Da ban yi magana ba, wa zai tuna da shi?

Usman (Akanta):
Nan kam ina bayan Nura. Manufar sharaɗin wata 6 ita ce kada wani ya leƙa ya ga wanda ya riga ya nema, ya ruga ya cika fom a kansa ya karɓi kuɗi a banza. Wato kamfani ba zai biya kuɗin gabatar da wanda ke tsaye a ƙofarsa ba. To amma wanda ya nemi wata kujera aka sallame shi, ba a ƙofa yake ba, ya koma gida. Malam Ɗanjuma, ka faɗa mana gaskiya, da ba a kawo sunansa ba, za ku tono shi daga rajista saboda wannan gurbin?

Malam Ɗanjuma:
Tambayar ta yi. A ƙa'ida muna duba tsofaffin takardu duk lokacin da gurbi ya buɗe. A aikace, muna binciken ne da sunan muƙamin da mutum ya nema, shi kuwa yana ƙarƙashin sashen saye, don haka da wuya ya fito. Wurare sun bambanta a kan wannan. Wasu suna cewa duk wanda ke cikin rajista na kamfani ne, ko wace kujera ya nema. Wasu suna taƙaita shi ga kujera ɗaya, ko ga wanda maganarsa take a buɗe ba a rufe ta ba. Namu rubutun bai fayyace ba, kuma ba ni da ikon fassara shi ni kaɗai tunda kuɗi ne zai fita.

Hajiya Rabi:
Zan kai wa hukuma wannan ranar Alhamis, kuma ra'ayin da zan kai shi ne a lissafa wata 6 ɗin a kan kujera ɗaya kawai. Ko an amince, saura maganar Nura da Maryam. Ba zan karya ƙa'idar fom ba. Amma Maryam, ina da tambaya, ki amsa mini tsakani da Allah: me kika rubuta a wurin "ina kuka yi aiki tare"?

Maryam:
Na rubuta ba mu taɓa aiki tare ba, amma na san shi shekara 6, mutum ne mai amana da natsuwa.

Hajiya Rabi:
Na gode da kika rubuta gaskiya. Kun ga inda matsalar take. Fom na Maryam ne, shedar aikin kuma tana wurin Nura, kuma ita nake buƙata. Halin kirki a gida abu ne babba, amma ba ya gaya mini abin da mutum zai yi ranar da direba ya sauke katan 196 takarda ta ce 200, yana sauri, yana roƙo a sa hannu gobe zai cika. Nura, ka taɓa ganin irin wannan a hannunsa?

Nura:
Na gani ba sau ɗaya ba. Ba ya sa hannu a kan 200. Zai rubuta 196 a jikin takardar, ya sa direba ya sa hannu kusa da nasa, ya ɗauki hoto ya tura wa sashen saye kafin motar ta bar harabar. Direbobi ba sa son sa saboda haka. Rauninsa kuma, tunda kin tambaya, ba ya iya sakar wa yaransa aiki. Komai sai ya taɓa da hannunsa, har ya kai dare a sito. Mutum 4 a ƙarƙashinsa sai an koya masa raba aiki.

Hajiya Rabi:
Wannan ka rubuto mini shi ta imel yau, ko da tukwici ko babu.

Maryam:
Hajiya, in dai ana yarda, ni a raba mana biyu. Ko ma in janye nawa ya cika nasa. Ban ga abin da na sani a kan aikin mutumin da ya kai wannan ba.

Malam Ɗanjuma:
Janyewa tana yiwuwa, ki rubuto mini a rubuce, sai fom ɗin Nura ya shiga da kwanan ranar da ya cika. Rabawa kuma ba ta cikin tsarin biyanmu, suna ɗaya ake sa wa. In kun shirya tsakaninku bayan kuɗi ya fita, wannan naku ne, amma ku sani harajin duka a kan wanda sunansa ke takarda zai hau. Ku yi shawara, kada ku yanke a nan cikin jama'a.

Baba Iliya:
Haraji kuma? Ni a sanina kyauta ba a cire mata haraji. Albashi ne ake cirewa. Wannan ai kyautar godiya ce.

Usman:
Baba, da a ce ni na ciro daga aljihuna na ba ka, da maganarka ta fi kusa da daidai. Amma kuɗin da ma'aikata ta ba ma'aikacinta saboda wani abu da ya yi mata, a yawancin dokokin haraji kuɗin shiga ne kamar albashi, ko da wane suna aka kira shi. Ta takardar albashi zai fito, a cire abin da doka ta ce.

Bari in yi lissafin a fili don kada wani ya ci bashi da sunan tukwici. Mu ɗauka tukwicin 100 ne, kuma mu ɗauka, misali kawai, harajin da ke hawa saman albashinka kashi 20 ne. Kashin farko 40, a hannu 32. Na biyu 60, a hannu 48. Jimla 80. Wani zai ga an cire masa fiye da haka in kuɗin ya tura shi matakin haraji na gaba a lissafin.

Sai lokaci, wanda shi ne mutane suka fi yin kuskure a kai. Kwana 90 daga ranar da ya fara aiki ake ƙirgawa, ba daga ranar da ka cika fom ko ranar da aka ba shi takardar ɗauka ba. Tsakanin fom da fara aiki kuwa akwai tantancewa, akwai wa'adin da zai ba wurin da zai bari, sau da yawa wata guda. A ce ya fara 3 ga Maris. Kwana 90 zai cika 1 ga Yuni. Mu muna rufe lissafin albashi ranar 20 ga wata, don haka kashin farko zai fito a albashin ƙarshen Yuni. Wata 6 zai cika 3 ga Satumba, kashi na biyu ƙarshen Satumba. Amma in ya fara 24 ga Maris, kwana 90 zai faɗa 22 ga Yuni, an riga an rufe, sai ƙarshen Yuli. Wanda ya cika fom a Janairu, ka ga kuɗinsa na ƙarshe sai wajen Satumba ko Oktoba.

Kabiru:
To me ya sa babban kashin yake can ƙarshe? Ni aikina ya ƙare ranar da aka ɗauke shi. In ya gudu bayan wata 5 laifina ne?

Hajiya Rabi:
Ba laifinka ba ne, kuma ba wanda zai ce ka dawo da kashi 40 da ka karɓa. Amma a aikin sito wata 3 na farko ba sa nuna komai sosai. Sabon mutum yana gadar lissafin wanda ya gabace shi, duk giɓin da aka gani ana iya cewa tsoho ne. Sai an yi ƙidayar ƙarshen wata sau 5 ko 6 a hannunsa kafin a san ko giɓin yana raguwa, ko yana nan, ko yana ƙaruwa a kaya iri ɗaya kowane wata, wanda shi ne alamar da ta fi tayar mini da hankali. Kuskuren ƙidaya yakan warwatsu, yau nan gobe can, wani lokaci ma rara ake samu. Giɓin da kullum ragi ne kuma kullum a kan kaya masu sauƙin ɗauka da saurin sayuwa, wannan ba kuskure ba ne. Ba a gane bambancin a kwana 90.

Baba Iliya:
To nan ne tsorona yake, Hajiya. Sito wurin dukiya ne. In na kawo mutum, bayan shekara aka kama shi da hannu dumu-dumu, ni za a riƙa kallo. Na taɓa gani a wani wurin da na yi aiki, wanda ya kawo ɓarawon har shi aka daina yarda da shi, alhali bai san komai ba. Shi ya sa tun da safe nake da mutum a raina amma na kasa cika fom.

Malam Ɗanjuma:
Baba, fom ɗin nan ba takardar tsaya wa mutum ba ce. Ba ka ɗauki lamunin ko sisi ba. Mu za mu tantance shi, mu kira wuraren da ya yi aiki, mu gwada shi da lissafi a gabanmu. In an ɗauke shi, hukuncinmu ne. Abu ɗaya ne zai dawo kanka: in ka san an taɓa korar sa saboda ɓatan kaya ka ɓoye, ko ka rubuta kun yi aiki tare alhali ba ku yi ba.

Baba Iliya:
A takarda haka ne, ɗana. Amma bakin mutane ba ya bin takarda.

Hajiya Rabi:
Ba zan ce maka ƙarya ba ne, Baba. Abin da zan iya yi shi ne sunan wanda ya kawo mutum ya tsaya tsakanina da Malam Ɗanjuma da Usman mai biya. Sauran masu tantancewa za su ga shedar da aka rubuta ba tare da sunan marubucin ba. Wannan yana kare ka, yana kuma kare mai neman, don kada a ɗauke shi saboda girmanka ko a ƙi shi saboda wani yana jin haushin wanda ya kawo shi. Na Nura da Maryam dai ya riga ya fito fili, sai haƙuri.

Sadiya:
Ɗan'uwa fa? Ƙanin mijina ma ya taɓa riƙe sito.

Malam Ɗanjuma:
Ana iya kawowa, amma a rubuta dangantakar a fom. Sharaɗin shi ne kada ɗaya ya kasance yana duba aikin ɗaya. Misali Usman ba zai kawo ƙaninsa wannan kujerar ba, tunda shi ke ƙidayar ƙarshen wata da mai sito. Ke kuma tunda kina son kujerar da kanki, ki zaɓi ɗaya.

Usman:
Akwai sharaɗin da ni kaina ban gamsu da shi ba, tunda Hajiya za ta je wurin hukuma. "Dole ku biyun kuna bakin aiki." In wanda ya kawo mutum ya ajiye aiki don kansa a wata na 5, na fahimta, ko da yake shi ma ana iya muhawara, tunda amfanin da ya kawo yana nan zaune a sito. Amma in kamfani ne ya rage ma'aikata ya sallame shi fa? Ko sabon ne aka sallama don an rufe wani reshe, ba don ya gaza ba? Mutum ya yi nasa, mu muka katse lokacin, sannan mu ce bai cika sharaɗi ba. Ni zan buga wannan lissafin, kuma ba na son ranar da zan cire sunan wani saboda haka.

Malam Ɗanjuma:
Mai hutun haihuwa ko na jinya yana bakin aiki a lissafinmu, wannan babu shakka, za a biya shi a kan lokaci. Wanda ya ba da wa'adin ajiye aiki amma ranar ta same shi bai tafi ba, shi ma ni a fahimtata ya cancanta. Na rage ma'aikata kuwa rubutun bai ce komai ba.

Hajiya Rabi:
Na rubuta su biyu ke nan na ranar Alhamis: wata 6 a kan kujera ɗaya ko kowace kujera, da kuma wanda kamfani ya sallama ba da laifinsa ba. Na farkon ina sa ran za a amince. Na biyun ban sani ba, domin zai shafi duk sassa, ba sito kaɗai ba, kuma na san akwai waɗanda za su ce a bar shi yadda yake. Duk abin da aka yanke zan sa shi a nan a rubuce. Wa'adin fom bai canza ba, mako 3 daga ranar sanarwa. Baba Iliya, in kana so ka zo ofis mu yi maganar mutumin naka kafin ka cika komai.

Baba Iliya:
Zan zo bayan an tashi. Sai na fara kiran sa na ji ko ma yana son barin inda yake.

Nura:
Hajiya, na tura imel ɗin. Maryam, zan kira ki anjima.